Farilla da wajibi a rubutun ƙasan bidiyo

Masu fassara lacca daga Larabci zuwa Hausa, kafin ku rubuta layin farko ku tambaya: malamin nan a wace mazhaba yake magana?

A wajenmu, inda yawanci aka tashi da karatun Ahalari da Ishmawi da Risala, farilla da wajibi kusan abu guda ne. Shi ya sa hannun mai fassara yake sauya su yadda ya ga dama. A mazhabar Hanafiyya kuwa matakai biyu ne. Farilla ita ce wadda ta tabbata da hujja yankakkiya, wajibi yana ƙasa da ita. A wurin Imam Abu Hanifa wutiri wajibi ne, alhali a Malikiyya sunna ce mai ƙarfi. To idan malami Bahanafe ya ce wutiri wajibi ne, ka rubuta "farilla", ka ƙara wa mai kallo salla ta shida, kuma ka jingina wa malamin abin da bai faɗa ba. Ko a Malikiyyar ma, da an shiga babin Hajji sai a rarrabe: wanda ya bar rukuni, kamar tsayuwar Arfa, ba shi da Hajji, wanda ya bar wajibi kuwa hadaya tana gyara masa.

A ayyukan da nake dubawa, wannan ɓarnar ta fi yawa idan an raba jerin laccoci tsakanin mutum biyu ko uku. Kowa daidai yake a kashinsa, sai an haɗa a ga hukunci ɗaya da sunaye uku. Ƙuncin wuri ma yana taimakawa, domin layi biyu ne kacal, kowanne bai wuce haruffa 42 ba a ƙa'idar da aka fi bi. Babu wurin sharhi.

Don haka jadawalin kalmomi nake fara yi, kafin a taɓa bidiyon. Kowace kalma tana da Larabcinta, da Hausar da aka tsayar, da rubutunta guda ɗaya (ko "zakka" ko "zakah", a zaɓi ɗaya), sannan gurbin da na fi damuwa da shi, wato kalmar da aka hana a sa a madadinta. A gaban "wajibi" nakan rubuta: kada a sa farilla, kada a sa dole. Bayanin bambancin yana zuwa sau ɗaya, a wurin da kalmar ta fara fitowa, a ɗan tsawaita lokacin layin don a iya karantawa.

Idan an gama, ina buɗe fayil ɗin a Subtitle Edit, in nemo kowace "farilla", in saurari abin da malamin ya furta a daidai wurin. Ban yarda da sauya su gaba ɗaya da danna maɓalli guda ba, domin wasu daga cikinsu farillar ce da gaske. A adana fayil ɗin da UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ su koma alamar tambaya a allon mai kallo.