Darasi na Shida: Daga Littafin Rana zuwa Awon Daidaito

'Yan'uwana mata, tsarin asusun da muke bi ya samo asali ne daga ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da aka fara a yankin Maraɗi a 1991. A wancan tsari shaida ita ce idon jama'a: a ƙirga kuɗi a gaban kowa. Yau zan nuna muku yadda littafi ma zai zama shaida, domin ranar rabo kada a tashi da zargin juna.

Ƙa'idar guda ɗaya ce. Duk kuɗin da ya motsa, a yi masa tambaya biyu: ina ya tafi, kuma daga ina ya fito? Inda ya tafi a rubuta a hagu. Inda ya fito a rubuta a dama. Akantoci na kiran hagu debit, dama kuma kiredit, amma mu hagu da dama sun ishe mu.

Mataki na farko: littafin rana

Wannan shi ne jonal, inda magatakarda ke rubuta komai yadda ya faru, bi da bi. Mu ɗauki misalin sabuwar ƙungiya a nan Ƙofa mai mata 20, a zama biyu.

1. Kowa ta zuba N500, ya zama N10,000. Hagu: Akwati. Dama: Zubi.
2. An ranta wa mace ɗaya N6,000 ta sayo gyaɗar ƙuli a kasuwar Kankiya. Hagu: Rance. Dama: Akwati.
3. An sayi littafi da biro na N700. Hagu: Hidima. Dama: Akwati.
4. A zama na biyu, tun kafin a fara zubi, mai rance ta kawo N2,000. Hagu: Akwati. Dama: Rance.
5. Mata biyu sun makara, an ci su tarar N100 kowacce, N200 ke nan. Hagu: Akwati. Dama: Tara.

Mataki na biyu: leja

A leja kowane suna yana da shafinsa, an raba shi biyu da layi. Sai a kwashe abin da ke littafin rana a kai kowanne gidansa.

Shafin Akwati yana da 10,000 da 2,000 da 200 a hagu, jimla N12,200. A dama yana da 6,000 da 700, jimla N6,700. A cire ƙarami daga babba, saura N5,500 a hagu. Shafin Rance yana da 6,000 a hagu, 2,000 a dama, saura N4,000 a hagu. Wannan shi ne bashin da muke bi. Hidima N700 a hagu. Zubi N10,000 a dama, Tara N200 a dama.

Mataki na uku: awon daidaito

Akantoci na ce masa tirayal balans. A jera ragowar kowane shafi a gefen da ya faɗa, a haɗa.

Hagu: 5,500 + 4,000 + 700 = N10,200
Dama: 10,000 + 200 = N10,200

Sun zo ɗaya. Ma'anarsa, N10,200 ce ta shigo mana, kuma mun san inda kowace naira take.

Idan ba su zo ɗaya ba fa?

Kada a goge komai, kada a ce wa ma'aji uffan tukuna. A fara duba girman bambancin. In dai N2,000 ce, a nemi 2,000 a littafin rana. Ƙila an kai ta shafin Akwati an manta da shafin Rance. In kuwa N4,000 ce kuma ba a ga mai irin wannan adadi ba, a raba ta biyu. Sau da yawa 2,000 ɗin ce aka sa a hagun Rance maimakon dama, sai bashin ya koma N8,000, kuskuren ya ninka.

Abin da awon ba ya kamawa

Nan nake so ku buɗe kunne sosai. A ce magatakarda ta manta da biyan N2,000 ɗin gaba ɗaya, ba ta rubuta shi ko'ina ba. Akwati zai nuna N3,500, Rance N6,000, Hidima N700. Ku haɗa ku gani: N10,200 ce dai! Awo ya daidaita, alhali baiwar Allah nan za a sake bin ta kuɗin da ta riga ta biya. Haka nan in an rubuta biyan wata da sunan wata, awo ba zai ce komai ba.

Saboda haka kafin a kulle akwati a yi abu biyu. Masu ƙirga su ƙirga kuɗin a gaban kowa. A misalinmu dole a samu N5,500 cif. Sannan a karanta sauran bashin kowace mai rance da ƙarfi, ta amsa da bakinta cewa haka ne.

Aikin gida

Ku ƙara wannan a kan misalinmu: mata 20 sun yi zubi na biyu, N500 kowacce, sannan an ba wata rancen N8,000. Nawa ya rage a akwati, kuma nawa ne jimlar kowane gefe? Ku zo da amsa zama mai zuwa, in Allah ya kai mu.