Taurin Bayan Gida da Ya Ƙi Jin Magani

Tambaya: Wata mata daga Miri, Bauchi, ta shekara biyu tana fama da taurin bayan gida, ga kasala da jin sanyi, maganin basir kuma bai yi mata komai ba. Mene ne mafita?

Amsa: Waɗannan alamomi suna nuni ga raunin tayirod, wato ƙullutun gaban wuya wanda sinadarinsa ke daidaita saurin aikin jiki, domin idan sinadarin ya yi ƙaranci hanji yakan yi nawa, har ya tsotse ruwan bayan gida ya bar shi da tauri, fata ta bushe, jiki ya ƙara nauyi. Ciwon suga ma yana iya jawo taurin bayan gida, domin idan ya daɗe, yana lalata jijiyoyin da ke motsa hanji, yawan fitsari kuma ya ƙarar da ruwan jiki.

Saboda haka ya kamata ta je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a yi mata gwajin jini iri biyu: na TSH, wanda yakan hau idan tayirod ya raunana, da na suga kafin karin kumallo, inda 7.0 mmol/L ko fiye, in an maimaita, ke tabbatar da ciwon suga. Ganin jini a bayan gida ko rama kuwa, ba a jinkirta masa zuwa asibiti.