Yadda Bayanan Likita Ke Zama Hujja a Gaban Kamfanin Inshora

Idan kamfanin inshorar lafiya ya ƙi biyan kuɗin magani, yakan aiko da takarda mai ɗauke da dalilinsa. Wannan dalili shi ne tambayar da wasiƙar neman sake duba hukunci za ta amsa, amsar kuwa tana cikin fayil ɗin majiyyaci. Sai dai likita yana rubuta bayanansa ne bisa jerin lokaci, domin amfanin 'yan'uwansa ma'aikata, ba domin jayayya da kowa ba. Aikin mai rubuta wasiƙa shi ne ya tsamo abin da ya shafi dalilin kamfani, ya bar sauran.

Bari mu ƙaddara wani misali. An kai yaro ɗan shekara 15 asibiti da dare, aka yi masa tiyatar afendis. Daga baya kamfani ya ce ba zai biya ba, domin ba a nemi lambar izininsa ba kafin a yi aikin. Mahaifin yaron ya roƙi asibiti kwafen bayanan ɗansa, ya kuma karanta takardar yarjejeniyarsa da kamfanin, inda ya tarar da sharaɗin da ya ce ba a jiran izini idan lamarin na gaggawa ne. Ke nan abu ɗaya ake bukatar tabbatarwa, wato cewa jira zai jefa yaron cikin haɗari.

Bayanan likita yawanci kashi huɗu ne: abin da majiyyaci ya faɗa, abin da likita ya gani ko ya auna, cutar da ya gano, da kuma matakin da ya yanke. Waɗannan ba nauyinsu ɗaya ba. Cewa yaro yana kuka da ciwon ciki magana ce ta baki, kowa na iya faɗinta. Amma zafin jiki digiri 38.6 awo ne. Haka nan fararen ƙwayoyin jini 16,000 a kowace maikirolita, alhali na mai lafiya yakan tsaya tsakanin 4,000 da 11,000. Likita ya kuma rubuta cewa ciwon ya faro daga cibiya ya gangara ƙasan ciki ta dama, kuma idan an danna wurin aka saki farat ɗaya zafin yakan ƙaru. Wannan alama ce ta cewa kumburin ya taɓa tantanin da ya lulluɓe cikin ciki. Afendis ɗin da ya kumbura yana iya fashewa, ruɓa ta watsu, kuma haɗarin yana ƙaruwa ne da wucewar sa'o'i. Shi ya sa lokutan da ke rubuce a gefen bayanan suka fi komai daraja a nan.

Ga yadda tsakiyar wasiƙar za ta kasance, bayan an rubuta lambar rajista da ranar da aka ƙi biya:

"Yallaɓai, takardarku ta ce ba a nemi izini ba. Yarjejeniyarmu ta cire lamarin gaggawa daga wannan sharaɗi. Bayanan likita sun nuna an karɓi ɗana da ƙarfe 11:20 na dare ranar 14 ga Maris, 2024, da zafin jiki digiri 38.6 (shafi na 1). Sakamakon awon jini ya fito da ƙarfe 12:30 (shafi na 3). Likita ya rubuta cewa a yi aiki ba tare da jinkiri ba, aka shiga tiyata da ƙarfe 2:00 (shafi na 4). Ina roƙon a sake duba hukuncin, a biya kuɗin."

A lura, kowace magana tana da shafin da ke goya mata baya. Babu zagi, babu labarin bashin da mahaifin ya ci. Tausayi ba ya cikin abin da jami'in kamfani ke aunawa.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wurin da bayanan ke da giɓi. A ce likita, saboda sauri, bai rubuta kalmar "gaggawa" ba. Kada a kuskura a ƙara ko harafi ɗaya a tsohon rubutu, domin wannan jabu ne, kuma idan aka gano shi duk fayil ɗin ya rasa ƙima. Abin yi shi ne a roƙi likitan ya rubuta ƙarin bayani a takarda dabam, da kwanan watan ranar da ya rubuta, da sa hannunsa. Haka kuma idan yarjejeniya ta ƙayyade wa'adin aika koke, a kiyaye shi, a aika kwafe, a riƙe shaidar cewa kamfani ya karɓa. Idan ya sake ƙi, kuma shirin yana ƙarƙashin Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda dokar 2022 ta kafa a Nijeriya, ana iya kai koken gabanta da waɗannan takardu.