Yadda za a ɗaure tuluna su isa kasuwa lafiya

Darasinmu na yau domin masu ƙaramin jari ne, waɗanda ke saro tuluna a Miriya, kusa da Damagaram, su aika wa abokin ciniki a Maraɗi. Tafiyar ta wuce kilomita 200. In kaya suka isa a fashe, mai saye ya ce a biya shi, ko ya maido sauran. Sai riba ta tafi, zumunci ma ya ɓaci.

Aikin yana farawa tun wurin saro. Ka ɗaga tulu da hannu ɗaya, ka ƙwanƙwasa shi da yatsa. Tulun da ya gasu, wanda ba shi da tsaga, ƙararsa garau take. In ka ji ƙara ta dushe, ka ajiye shi, ko da idonka bai ga kome ba. Wanda ka yi shakkarsa, ka cika shi da ruwa ya kwana. Tulu mai kyau yakan yi gumi a jikinsa duka, wannan gumin ne ke sanyaya ruwa. Amma in ruwa na ɗiga daga wuri guda, yoyo ne. Ka bar tulun ya bushe sarai kafin ka ɗaure shi.

Abin da ya fi fasa tulu a hanya shi ne karo da ɗan'uwansa. Duk ramin da mota ta faɗa, tuluna na bugun juna. Saboda haka doka ɗaya ce: kada tulu ya taɓa tulu, kada kuma ya taɓa ƙarfen mota.

Ka nemi busasshiyar ciyawa da ragar igiya. Ɗanyar ciyawa ba ta yi, don tana laƙwamewa ta bar wuri fili. Ka shimfiɗa ciyawa a cikin raga, kaurinta ya kai tafin hannu. Ka jera tuluna, ka cusa ciyawa tsakaninsu, kaurin yatsa 3. Baki da wuya su ne wurin da tulu ya fi rauni. Ka naɗe su da ciyawa ko tsumma, ka juya bakunan su dubi cikin raga, kada su leƙo waje. Kada ka zuba da yawa a raga guda. Ɗaurin da mutum 2 za su ɗaga ba wahala ya isa, don kaya mai nauyi yaran mota jefa shi suke yi.

In ka ja igiya ka ƙulle, ka girgiza ɗaurin. Ka ji ƙwas-ƙwas? To, akwai inda tuluna ke haɗuwa. Ka kwance ka ƙara ciyawa. Ɗauri mai kyau shiru yake yi.

A tasha, ka tsaya a loda kayanka gaban idonka. A sa su bisa buhuna, kada a ɗora buhu a kansu. Wajen gaba, kusa da gidan direba, ya fi can baya, don bayan mota ya fi tsalle. A tamke ɗaurin da igiya don kada ya gangara.

Nan ne karatu zai yi maka rana. Ka rubuta takarda 2 iri ɗaya: ranar lodi, yawan ɗauri, yawan tuluna, da sunan mai karɓa. Ka ba direba ɗaya, ka riƙe ɗaya. Ku shirya da abokin cinikinka cewa zai ƙirga kaya ranar da suka sauka, gaban direba. Abin da ya fashe bayan kwana 5 a rumfarsa, ba naka ba ne.

Ga lissafi don misali. A ce ka aika tulu 40, kowane dala 100. Ba ka ɗaure da kyau ba, 6 suka fashe, aka maido 2 saboda yoyo. Tulu 8 ke nan, asarar dala 800, wato jika 4.

Karo na biyu ka gwada kowane tulu. Ka sayi ciyawa ta dala 100 da igiya ta dala 100. Direba ya ƙara maka dala 100, don ciyawa ta sa kayan sun ci wuri. Ka kashe dala 300. Tulu 1 kaɗai ya fashe, dala 100. Duka dala 400 ke nan, wato jika 2. Ka tsirar da jika 2, kuma ragar tana nan, in an maido maka ita za ta sake aiki.

Tambayoyin da za ku tattauna da malaminku:

1. Yaya ake bambanta gumin tulu da yoyo?
2. Don me ake girgiza ɗauri kafin a kai shi tasha?
3. In tulu 3 ne suka fashe a karo na biyu, nawa mai kaya ya tsirar?