Darasin Turanci: A Duba Abin da Ke Bayan Gurbi

'Yan'uwa, yaranmu masu shirin WAEC da JAMB kan yi tuntuɓe wajen cike gurbi, musamman inda fi'ili ɗaya ke da ma'ana fiye da guda. Dabarar ita ce mu karanta abin da ya biyo bayan gurbin kafin mu zaɓi amsa.

Mu ɗauki give up. A "He gave up smoking", ya daina shan taba ne. A "She gave up her seat", ta bar wa wani kujerarta. In babu komai a bayansa, kamar "I give up", to na sallama ke nan.

Ga tambaya: "Traders cannot ___ the noise of the generator." Zaɓi uku ne: put up, put off, put up with. Put up na nufin ginawa ko ba da masauki, put off kuwa ɗagewa. Ƙarar janareta ba a gina ta, ba a ɗage ta, jure ta ake yi. Amsa ita ce put up with.

Kada mu yar da with ɗin nan. "We put up our guest", mun sauke baƙonmu. "We put up with our guest" kuwa, haƙuri kawai muke yi da shi!