Kare Na Amai da Zawo: Gida ko Asibiti?

A wannan makon za mu duba yadda ake gane karen da za a yi wa jinya a gida. Abin tsoro shi ne ƙarewar ruwa a jikinsa.

Idan babban kare ya yi amai sau ɗaya ko biyu, amma yana yawo yana shan ruwa, sai mu hana shi abinci na awa 12, ban da ruwa. Daga nan mu riƙa ba shi dafaffiyar shinkafa da kaza, ba mai, ba ƙashi, kaɗan-kaɗan.

Mu ja fatar bayan wuyansa mu saki. Idan ta daɗe ba ta koma ba, kuma dasashinsa ya bushe, ruwan jikinsa ya ragu, sai likitan dabbobi. Haka nan idan da jini a amai, ko kashinsa ya yi baƙi kamar kwalta, ko ciwon ya wuce awa 24. Idan ya ci gubar ɓera, ko cikinsa ya kumbura yana yunƙurin amai ba abin da ke fita, kada mu jira gobe.

Kada mu ba shi maganin ciwon jiki na mutane, domin yana iya lalata masa ƙoda ko hanta.