Kafin ka gwada manhajar albashi, nemo amsar daga wani wuri

Wani matashi da ke rubuta wa wata makarantar kuɗi a Pantami da ke Gombe manhajar biyan albashi ya aiko mini da tambaya. Ya ce ya gama aikin, ya zuba albashin malamai, manhaja ta fitar da harajin kowa ba tare da ta tsaya ba, amma hankalinsa bai kwanta ba. "Idan na ba ta biyu da biyu na san huɗu zan gani," in ji shi. "To idan ta ce harajin wata malama naira 25,720 ne a wata, da me zan gwada in san gaskiya ta faɗa?"

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce tushen gwajin manhaja gaba ɗaya. Gwaji ba ya cika sai da abu biyu: abin da ka zuba, da amsar da kake sa ran gani. Na farko mai sauƙi ne. Na biyun ne ke ba da wuya, domin lissafin da ya yi wahalar da har aka nemi manhaja ta ɗauke shi, shi ne kuma ake so ka san amsarsa tun kafin manhajar ta yi magana. Shawarata guda ce: amsar da za ka gwada da ita ta biyo wata hanya wadda ba ta ratsa ta manhajarka ba, ba ta kuma ratsa ta kanka kai kaɗai ba.

Abin da yawancin mutane ke fara yi shi ne su ɗauko tsohon shafin Excel na akanta, su ce in manhaja ta yi daidai da shi an gama. A da ma wannan yana da haɗari, yanzu kuwa ya fi. Sabuwar dokar haraji ta ƙasa da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta kuma canza matakan harajin albashi, wato PAYE, daga tushe. An soke rangwamen nan na naira 200,000 da kashi 20 cikin ɗari, aka kawo rangwamen kuɗin haya. Duk shafin da aka gina a kan tsohon tsari na kashi 7 zuwa 24 ya zama tarihi. Kuma tun kafin haka, dokar kuɗi ta 2020 ta ce a cire fansho da makamantansa tukuna kafin a lissafa wancan kashi 20, amma shafin da aka gada hannu da hannu ba a taɓa shi ba zai ci gaba da lissafi a kan albashi ɗungurungum. Manhajar da ta yi daidai da irin wannan shafi, kuskurensa ta haddace.

Saboda haka ka ɗauki biro da takarda, ka zauna da akantan makarantar, ku buɗe dokar kanta. Matakan su ne: naira 800,000 na farko a shekara babu haraji, 2,200,000 da ke biye kashi 15, sai 9,000,000 kashi 18, sai 13,000,000 kashi 21, sai 25,000,000 kashi 23, abin da ya haura miliyan 50 kuma kashi 25.

Mu ɗauki malama mai albashin naira 250,000 a wata, wato miliyan 3 a shekara. A cikinsa, ainihin albashi da alawus na gida da na sufuri sun kama 200,000, kuma a kan wannan ake cire mata kashi 8 na fansho kamar yadda dokar fansho ta 2014 ta tsara: 16,000 a wata, 192,000 a shekara. Tana haya a Tumfure a kan 300,000, ta kuma bayyana hakan, don haka tana da rangwamen kashi 20, wato 60,000. Mu ɗauka babu wani abin cirewa bayan waɗannan. Abin da ya rage a ɗora wa haraji shi ne 2,748,000. A ajiye 800,000 na farko, saura 1,948,000, kashi 15 ɗinsa 292,200. A raba goma sha biyu, harajinta 24,350 ne a wata.

Manhajarka ta ce 25,720. Bambancin naira 1,370 ne a wata, 16,440 a shekara, kuma na san inda ya fito. An karanta 2,200,000 a matsayin iyakar mataki na biyu, alhali faɗinsa ne. Matakin yana farawa daga 800,000 ya ƙare a miliyan 3. Wanda ya rufe shi a 2,200,000 ya tura naira 548,000 na kuɗin malamar zuwa kashi 18, kuma kashi 3 na 548,000 shi ne 16,440 cif. Abin da ya sa kuskuren ke ɓuya shi ne duk ma'aikacin da kuɗinsa na haraji bai wuce 2,200,000 ba amsarsa daidai take fitowa. Idan da mai gadi da masu shara da ƙananan malamai ka yi gwaji, komai zai yi kyau, sai a ƙarshen wata shugabar makaranta ta zo da takardar albashinta tana tambaya.

A nan akwai sharaɗin da nake so ka riƙe da kyau. Akanta ya yi nasa lissafin shi kaɗai, ya rubuta amsa ya sa hannu kafin ka nuna masa abin da manhaja ta fitar. Idan ya riga ya ga 25,720, idonsa zai nemo masa hanyar da za ta kai shi can. Kar kuma ka zauna kusa da shi kana karanta masa matakan, domin fahimtarka ce ake tuhuma. Ko da haka, yarjejeniyar mutum biyu ba hujja ce yankakkiya ba. A 1986 John Knight da Nancy Leveson sun sa an rubuta manhaja guda sau 27, kowane marubuci shi kaɗai, suka tarar kurakuran suna haɗuwa a wuri ɗaya fiye da yadda sa'a za ta kawo. Inda magana ta yi wuyar fahimta, a nan kowa ke tuntuɓe. Shi ya sa bayan lissafin hannu ake buƙatar wani shinge.

Ba za ku iya lissafa mutum ɗari da hannu ba, kuma ba a buƙata. Ku kafa turaku a bakin kowane mataki, inda amsa take a fili. A 800,000 haraji sifili ne. A miliyan 3 dole ya zama 330,000, domin kashi 15 ne na 2,200,000. A miliyan 12 ya zama 1,950,000. Da ka gwada miliyan 3 kaɗai, da manhajarka ta ba ka 354,000, ka gane akwai matsala tun ranar farko.

Tsakanin turakun kuma akwai dabarar da ba ta buƙatar ka san amsa ko kaɗan, wadda T. Y. Chen da abokan aikinsa suka gabatar a 1998. Maimakon ka tambayi nawa ne harajin, sai ka tambayi yadda ya kamata ya motsa idan ka taɓa abu ɗaya. Ƙara naira 1,000 a kan kuɗin harajin malamar: tunda tana cikin matakin kashi 15, harajin ya ƙaru da 150 ba ƙari ba ragi. Manhajar da ke da wancan kuskure za ta ce 180.

```python
assert haraji(800_000) == 0
assert haraji(3_000_000) == 330_000
assert haraji(2_749_000) - haraji(2_748_000) == 150
```

Irin waɗannan ƙa'idoji suna da yawa, kuma daga dokar ake tsamo su. Ƙarin naira 1,000 ba zai taɓa jawo harajin da ya wuce 250 ba a ko'ina, tunda kashi 25 ne ƙololuwa, kuma ba zai taɓa rage haraji ba. Rangwamen haya ba ya wuce 500,000, saboda haka mai hayar miliyan 2.5 da mai hayar miliyan 4 harajinsu ɗaya ne idan albashinsu ɗaya. Sauya jerin sunaye bai kamata ya canza ko kwabo ba. Kana iya sa kwamfuta ta ƙirƙiri albashi dubu goma barkatai ta gwada waɗannan cikin ɗan lokaci. Sai dai ka riƙa lissafi da kwabo a cikakkun lambobi, ko da `Decimal`, kada ka yi da `float`, in ba haka ba za ka kwana kana bin bambancin kwabo ɗaya da ba laifin doka ba ne.

Wannan dabara tana da iyaka, kuma ya kamata ka san ta. Tana kama kuskuren lissafi, amma ba ta kama kuskuren fassara. Idan ka ɗora kashi 8 na fansho a kan 250,000 gaba ɗaya maimakon 200,000, duk gwaje-gwajen da ke sama za su wuce lafiya, domin kuɗin da aka miƙa wa `haraji` ne ya lalace tun daga waje. Lissafin hannu na cikakken mutum, daga albashi har abin da ya shiga asusunsa, shi kaɗai ke kama wannan.

Wurin da ya fi ba da wuya shi ne inda albashi ya canza a tsakiyar shekara. A ce a watan Yuli an ƙara wa malamar zuwa 300,000, fanshonta ya koma 19,200. Manhajar da ke ninka albashin kowane wata sau goma sha biyu za ta cire mata 32,144 daga Yuli zuwa Disamba, jimillar shekara ta kama 338,964. Amma ainihin abin da ta samu a shekarar 3,300,000 ne, kuma harajinsa bayan fansho da haya 335,184. An cire mata rarar 3,780, alhali kowane wata in ka duba shi shi kaɗai daidai yake. Don haka ka ƙara gwaji guda mai ɗaukar shekara sukutum: jimillar abin da aka cire a wata goma sha biyu ta yi daidai da harajin abin da mutum ya samu a shekarar. Haka za ka yi wa wanda aka ɗauka aiki a Satumba, da wanda aka biya bashin albashin baya a dunƙule.

Yadda za a gyara wannan rara, a watan Disamba ne ko a bi lissafin tarawa wata-wata, da yadda za a ɗauki wani alawus da takardar ɗaukar aiki ba ta fayyace ba, ba kai ne za ka yanke ba, ba kuma akanta shi kaɗai ba. Harajin ma'aikatan da ke zaune a Gombe yana zuwa ne ga hukumar tattara kuɗaɗen shiga ta jihar, kuma ana miƙa na kowane wata zuwa ranar 10 ga watan da ke biye. Makarantar ta rubuta wa hukumar wasiƙa, ta sa misali da lambobinsa kamar na malamar nan, ta nemi amsa a rubuce. Maganar baki a bakin tebur ba za ta kare kowa ba ranar da masu bincike suka zo. Idan amsar ta iso, ka mayar da ita gwaji, ka rubuta a gefensa kwanan watan wasiƙar da shekarar harajin da ta shafa. Haka za ka yi wa kowace amsa da ke cikin gwaje-gwajenka: wa ya lissafa ta, daga wane sashe na doka, ta wace shekara. Gwaje-gwajen 2025 kuma kada ka goge su, ka ware su da tsofaffin matakansu, domin duk ranar da aka dawo bincike ko gyaran lissafin waccan shekara, da tsohuwar dokar za a auna.